Yadda ake ƙara abinci bayan rage ƙiba ba tare da an koma gidan jiya ba

Ranar da sikeli ya nuna maka lambar da ka yi watanni kana nema, ranar ce kuma wani sabon aiki yake farawa. Ka saba da ɗan abincin da kake aunawa, jikinka ya yi sauƙi, wandon da ka ajiye ya sake shiga, amma kai da kanka ka san ba za ka dawwama a kan wannan ɗan cin ba. Yunwa ta yi yawa, barci ya ragu, sanyi yana kama ka da wuri, kuma da ka ji ƙamshin girki hankalinka ya tafi can. To yaya za a koma cin abinci yadda ya kamata ba tare da kitsen ya dawo ba?

Dabarar da masu motsa jiki ke kira ribas dayet ita ce amsar da ake yawan bayarwa: ƙara kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, har a kai inda nauyi zai tsaya cik. Dabara ce mai amfani, sai dai ana ɗora mata abin da ba ta iya ba. Za ka ji ana cewa tana "gyara" injin jiki, har ta sa mutum ya riƙa cin abincin mutum biyu ba ya ƙiba. Ba ta yin haka. Abin da take yi shi ne ta taimaka maka ka gano adadin abincin da sabon jikinka yake buƙata, ta kuma riƙe maka linzami a lokacin da yunwa ta fi ƙarfi. In ka ɗauke ta a matsayin aikin awo, za ka ci moriyarta.

Me ya canja a jikinka?

Abu na farko a bayyane yake, ƙaramin jiki ƙaramin abinci yake ci. Mutum mai kilo 92 yana ɗauke da wannan nauyin a kowane taku, in ya koma kilo 80 sai kowane taku ya rage masa tsada. Wannan ragin ba ciwo ba ne, kuma ba zai tafi ba muddin kana kan sabon nauyin. Saboda haka abincin da kake ci kafin ka fara ragewa ya riga ya wuce maka, kada ma ka sa shi a lissafi.

Abu na biyu, jiki yana tsimi idan ya daɗe a cikin ƙaranci. Yakan rage abin da yake ƙonawa fiye da yadda raguwar nauyin kaɗai za ta sa, kuma babban ɓangaren wannan tsimin yana ɓoye ne a cikin ƙananan motsin da ba ka lura da su. Ka fi son zama a kan tsayuwa, ka daina kaɗa ƙafa, tafiyarka ta rage sauri, in ana hira ma hannunka ba ya tashi. Wannan ɓangaren ne yake iya farfaɗowa idan abinci ya ƙaru.

Na uku shi ne ya fi su duka, wato yunwa. Idan kitse ya ragu, sinadarin leftin da kitsen ke fitarwa, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, yakan sauka. Girelin kuma, mai tayar da yunwa daga ciki, yakan hau. Wani lissafi da masanin kimiyya Kevin Hall da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da aka zubar yana ƙara wa mutum sha'awar cin kusan kalori 100 a rana, alhali abin da ƙonawa ke raguwa bai wuce kalori 20 zuwa 30 ba a kan kowane kilo. Wannan matsakaici ne, mutane sun bambanta, amma dubi girman tazarar. Wanda ya zubar da kilo 12 ƙonawarsa ta ragu da kamar 300, yunwarsa kuwa tana tura shi ya ƙara fiye da 1,000. Da haka za ka gane cewa yawancin masu komawa ƙiba ba injin jikinsu ne ya lalace ba, sun bi umarnin cikinsu ne, cikin kuwa a wannan lokacin ba ya faɗin gaskiya.

An ga wannan ƙarara a gwajin yunwa da masanin kimiyya Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945. Maza 36 ne suka shiga, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu a makonni 24. Waɗanda aka sakar wa mara daga baya suka ci yadda suka so sun yi ta ci ba ƙoshi, kitse ya riga tsoka dawowa, wasu har suka wuce inda suka faro. Naka ragin bai kai wannan tsananin ba, amma hanyar ɗaya ce.

Mataki na farko: gano inda kake tsaye

Kafin ka ƙara ko loma ɗaya, kana buƙatar lambobi biyu daga makonni uku ko huɗu na ƙarshen raginka: kalorin da kake ci da gaske, da saurin da nauyinka ke sauka.

Kalmar "da gaske" ita ce wurin da ake tuntuɓe. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan aikin ido yakan ci amana. Babban cokali ɗaya na man girki kalori 120 ne, kuma ba wanda yake tuna nawa ya zuba a tukunya. In ba ka kasance kana auna abinci ba, sayi ƙaramin sikelin kicin ka yi mako biyu kana rubuta komai ba tare da ka canja yadda kake ci ba, har da abin sha, har da ɗanɗanon girki, har da cin ranakun hutu. Ka haɗa na kwana bakwai ka raba bakwai. Mutane da yawa a nan suke gano cewa kalori 1,500 da suke ikirari ashe 1,900 ne.

Nauyi kuwa, a hau sikeli kowace safiya bayan an zaga bayi, kafin a ci ko a sha, da kaya marasa nauyi, a sikeli ɗaya, a daɓe mai tauri. Lambar rana ɗaya ba ta da wani amfani. A haɗa na mako a raba, wannan matsakaicin shi za a riƙa kwatantawa da na makon jiya. A ƙara da awon ciki sau ɗaya a mako, tef a daidai cibiya, bayan an saki numfashi, ba tare da an tsuke ciki ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce namiji ne ɗan shekara 35, tsawonsa santimita 175, ya sauko daga kilo 92 zuwa 80 a cikin wata bakwai. Aikinsa na zama ne, yana ɗaga ƙarfe sau uku a mako, yana taku kamar 8,000 a rana. A makonni huɗu na ƙarshe yana cin kalori 1,800, matsakaicin nauyinsa ya sauka daga 81.6 zuwa 80.0. Wato kilo 0.4 a kowane mako.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700. Sai a yi wannan lissafin:

```
gibi = (0.4 x 7700) / 7 = 440
matsaya = 1800 + 440 = 2240
```

Ma'ana yana cin ƙasa da buƙatarsa da kalori 440 a rana, kuma nauyinsa zai tsaya a wajajen 2,240. Ka riƙe wannan lambar, ita ce ginshiƙin komai, domin daga jikin mutumin aka samo ta ba daga littafi ba.

Ana iya gwada ta da lissafin Mifflin-St Jeor, wanda ke ƙiyasta abin da jiki ke ƙonawa a kwance:

```
namiji = 10 x kilo + 6.25 x santimita - 5 x shekaru + 5
mace   = 10 x kilo + 6.25 x santimita - 5 x shekaru - 161
```

Na mutuminmu ya ba da kusan 1,724. In aka ninka da 1.45 saboda irin motsinsa, a samu kusan 2,500. To ga iyakoki biyu ke nan, 2,240 a ƙasa, 2,500 a sama, kuma gaskiyar tana wani wuri a tsakani. In lissafin biyu suka yi nisa da juna sosai, kamar tazarar 600 ko 700, kafin ka zargi jikinka sake duba rubutun abincinka.

Mataki na biyu: tsallen farko ya zama babba

A nan na saɓa da tsarin da ake yawan yaɗawa, na ƙara kalori 50 a mako tun daga farko. Yi lissafi ka gani. Mai giɓin 440 in yana ƙara 50 a mako, sai ya yi kusan wata biyu kafin ya fita daga ƙaranci. Wata biyu ke nan na ƙarin yunwa da gajiya bayan ya riga ya ce ya gama. An gudu ba a tsira ba. Kuma kalori 50 rabin ayaba ne, ya fi kuskuren awonka na yau da kullum ƙanƙanta, ba za ka iya ganin tasirinsa a sikeli ba balle ka koyi wani abu daga gare shi.

Abin da ya fi ma'ana shi ne a cike rabin giɓin ko fiye da haka a tashi ɗaya. Mutuminmu zai ƙara 250, ya koma 2,050. Har yanzu yana ƙasa da matsayarsa, don haka babu ta inda kitse zai taru. Wannan ya kamata ya zauna a zuciya sosai: muddin kana ƙasa da abin da kake ƙonawa, jiki ba shi da rarar da zai ajiye.

Wanda ya rame sosai, ko ya galabaita, ko macen da al'adarta ta ɗauke saboda ragin, waɗannan ba su da dalilin bin mataki-mataki. Su hau matsayarsu kai tsaye a makon farko. A gaskiya ko lafiyayye ma in ya hau 2,240 nan take ba zai yi asara ba, kuma babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna cewa hawan sannu ya fi hawan kai tsaye kare mutum daga kitse. Amfanin sannu yana wajen hali ne. Mutumin da ya yi wata bakwai a takure, in aka ce masa "ƙara abinci" ba tare da iyaka ba, ƙofa ce aka buɗe masa wadda da wuya ya rufe. In aka ce masa "ƙara giram 150 na shinkafa da rana", ya san inda zai tsaya.

Daga wane abinci za a ƙara?

Furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nama da kifi da ƙwai, a bar shi inda yake. In kana cin tsakanin giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinka, ya isa. Mutuminmu yana cin giram 150, zai ci gaba da hakan har ƙarshe. Furotin yana riƙe ciki, yana kuma kare tsoka, amma ƙara shi fiye da haka ba ya ƙara komai sai cika faranti.

Ƙarin zai fito ne daga abinci mai sitaci, sai ɗan maiƙo. Giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, na furotin ma 4, na maiƙo 9. A 1,800 mutuminmu yana cin maiƙo giram 55 da sitaci kusan giram 176. Don samun ƙarin 250, zai ƙara sitaci giram 50, wato kalori 200, da maiƙo kamar giram 5 ko 6. A faranti wannan yana nufin dafaffiyar shinkafa giram 100, mai kalori 130, da matsakaiciyar ayaba rabi da ɗan wani abu, da ƙaramin cokalin mai. Ko dafaffen dankali giram 230 a madadin shinkafar da ayabar. Ka ga ba wani tulin abinci ba ne.

Na fi son ƙarin ya zo daga abin da mutum ya saba ci kuma ya iya aunawa: hatsi, dankali, wake, 'ya'yan itace, madara. Kayan zaƙi da soye-soye ba haramun ba ne a wannan tsarin, sai dai makonnin farko ba lokacinsu ba ne. Abincin da ya haɗa sukari da mai da gishiri yana da wuyar dakatawa ko ga ƙosasshe, balle ga mai leftin a ƙasa. In za a dawo da su, a dawo da su ɗaya-ɗaya, a zuba a faranti a zauna a ci, kada a ci daga cikin leda a tsaye.

Ka sa ƙarin a wurin da yunwa ta fi damunka. In da dare kake juyi a gado, kai shi abincin dare. In wajen motsa jiki ƙarfinka ke ƙarewa, ci shi awa biyu kafin ka fita.

Mataki na uku: kada sikelin makon farko ya firgita ka

Ga abin da zai faru. Kwana uku ko huɗu da ƙara abinci, mutuminmu ya hau sikeli ya ga 80.9. Jiya-jiyan nan 80.0 yake gani. Gabansa ya faɗi, ya sauka ya sake hawa, ya matsar da sikelin wani gefe ya sake hawa, lambar tana nan. A daidai wannan gaɓar mutane da yawa suke komawa tsohon ragi, daga nan kuma sai kwan-gaba kwan-baya.

Tsaya ka yi lissafi. Kafin kitse kilo 0.9 ya taru sai an ci rarar kalori kusan 7,000. Shi kuwa duk abin da ya ƙara a kwana huɗu 1,000 ne, kuma bai ma kai matsayarsa ba. To daga ina nauyin ya fito? Jiki yana ajiye sitaci a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin, kamar giram 400 zuwa 500 in rumbun ya cika, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. A lokacin ragi rumbun ya yi ƙasa, yanzu yana cika. Ga kuma abincin da ke cikin hanji ya ƙaru, ga gishirin da ya zo tare da shi. Ƙarin kilo ɗaya, wani lokaci har ɗaya da rabi, a mako biyun farko ba abin damuwa ba ne.

Yadda za ka bambance su: nauyin ruwa yana hawa da sauri cikin kwanaki sannan ya tsaya. Kitse yana hawa a hankali, kaɗan-kaɗan, ba ya tsayawa, kuma tef ɗin awo yana bin sa a baya. In sikeli ya yi tsalle amma cibiya tana nan a santimita 86, ruwa ne. Sau da yawa ma a madubi za ka ga kafaɗa da damtse sun ɗan cika, ka fi kyan gani fiye da ranar da ka fi rashin nauyi.

Ga mata akwai ƙarin abu. Kwanakin da ke gaban al'ada jiki yana riƙe ruwa, sikeli na iya hawa kilo ɗaya ko biyu ya sauka da kansa. Saboda haka mace ta kwatanta makon nan da takwaransa na watan jiya, ba da makon da ya gabata kawai ba, kuma kada ta yanke hukuncin ƙari ko ragi a waɗannan kwanakin.

Mataki na huɗu: ƙari kaɗan, jira, duba

Daga nan ƙa'idar mai sauƙi ce. A ƙara kalori 100, a tsaya mako biyu, a dubi matsakaicin mako na biyu. In nauyi yana sauka ko ya tsaya, a sake ƙarawa. In ya ɗan hau da giram 200 ko 300 sannan ya tsaya, ruwa ne, a ci gaba. In yana hawa mako uku a jere, an wuce gona da iri. Ƙaramar mace mai cin 1,400 tana iya yin matakin da 75, babban namiji mai yawan motsi da 150.

Mu bi mutuminmu. Mako biyu a 2,050, matsakaicinsa ya yi 80.7 sannan 80.5. Ruwa ya shigo, amma a ƙarƙashinsa har yanzu yana ɗan raguwa. Ya hau 2,150, ya samu 80.6 da 80.5. Ya hau 2,250, wato daidai inda lissafi ya ce zai tsaya, ya samu 80.7 sau biyu. Lissafin bai yi ƙarya ba.

A nan wani zai tsaya, kuma ba laifi. Shi ya gwada 2,350, ya samu 80.9 da 80.9. Ya sake tsayawa cik, duk da ya ƙara 100. Yaya aka yi? Kusan kashi 10 cikin 100 na abin da aka ci yana ƙonewa wajen narkar da abincin kansa. Sauran kuma ya tafi a motsi: yanzu yana ɗaga nauyin da ya gagare shi wata biyu da suka wuce, yana hawa bene ba ya neman lif, barcinsa ya gyaru. Matsayar nauyi ba layi ba ce siririya, fili ce mai ɗan faɗi, kamar na kalori 100 zuwa 200, kuma manufar wannan aikin duka ita ce a zauna a saman filin maimakon ƙasansa. Iyakar "gyaran inji" da ake ta magana ke nan.

Sai kwaɗayi ya ja shi ya gwada 2,450. Makonni huɗu suka ba da 81.1, 81.2, 81.4, 81.5, tef kuma ya nuna 87. Ba tsalle ba ne, rarrafe ne, kuma rarrafen ne alamar. Giram 100 zuwa 150 a mako ya yi daidai da rarar kalori 100 da ɗoriya a rana. Ya koma 2,350 ya zauna. Lura cewa bai koma 1,800 don hukunta kansa ba, taku ɗaya kawai ya ja da baya.

A ƙarshe abincinsa ya zama furotin giram 150, maiƙo giram 70, sitaci giram 280. Yana cin kalori 550 fiye da ranar da ya gama ragi, nauyinsa yana yawo a wajajen kilo 81, aikin kuma ya ɗauki wata uku har da makonnin gwajin da ya wuce iyaka.

Abin da ke ɓata lissafin

Mafi yawan lalacewar ba daga kalori 100 da aka tsara take zuwa ba. Daga motsi take zuwa. Mutum ya gama ragi, ya ce ya huta, ya ajiye tafiyar safe da gudun da yake yi, a lokaci guda kuma ya ƙara abinci. Abu biyu ya canja a tare, in nauyi ya hau ba zai san wanne ne mai laifi ba. Tafiyar taku 4,000 da aka daina tana iya kai kalori 150 ko fiye ga mai kilo 80. In kana son rage gudu ko tuƙa keke, ɗauki ragin a matsayin mataki mai zaman kansa: makon da ka cire zama ɗaya, kada ka ƙara abinci. Ɗaga ƙarfe kuwa kada ka taɓa shi, yanzu ne ma zai fara biyan ka, tunda akwai abincin da tsoka za ta ginu da shi.

Sai ranakun hutu. Kwana biyar a 2,150, kwana biyu a 3,200, matsakaicin ya zama 2,450 ba 2,150 ba. Mutumin zai rantse jikinsa ya ƙi karɓar ƙarin 100, alhali 400 ya ƙara. In ka san akwai taron cin abinci a gaba, shigar da shi lissafin mako, ka rubuta shi ko da ƙiyasi ne. In kuma wata rana ta kuɓuce maka ka ci fiye da kima, washegari ka koma adadinka na kullum. Kada ka yini da yunwa don ramawa, domin ramuwar ce ke jawo kuɓucewa ta gaba. Sikeli zai nuna ƙari na kwana biyu ko uku ya sauka.

Barci ma yana ciki. Daren da ka yi awa biyar, gobe yunwa za ta fi, kuma ba ganye za ta sa ka nema ba.

Wani abin da yakan ba mutane mamaki shi ne a makonnin farko yunwa tana iya ƙaruwa maimakon ta ragu. Ka ƙara abinci, cikin ya farka yana neman ƙari. Yakan lafa, amma ba da wuri ba, an ga sauye-sauyen sinadaran yunwa suna nan har bayan shekara guda da rage nauyi. Kafin lokacin, kayan lambu masu yawa a faranti, furotin a kowane ci, da tsayayyun lokutan cin abinci su ne abin dogaro.

Akwai waɗanda bai kamata su yi wannan su kaɗai ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin sauke suga, domin ƙara sitaci na iya buƙatar gyara magani. Mai ciwon ƙoda, saboda batun furotin. Mai juna biyu ko mai shayarwa. Wanda ya yi kwanaki da yawa kusan ba ya cin komai, shi dawowar abinci da kanta na iya rikita gishirin jininsa, sai a ƙarƙashin kulawar likita. Haka wanda ya ga awon abinci da hawan sikeli sun mamaye masa tunani, yana tsoron ci, ko yana ci har ya kasa tsayawa sannan ya nemi fitar da shi. Irin wannan ƙarin lissafi ba zai yi masa magani ba, ya nemi ƙwararre.

Bayan an kai

In nauyi ya tsaya mako huɗu a adadi ɗaya, an samu wurin zama. Ka ba kanka iyaka mai faɗin kilo biyu, mutuminmu ya sa 80 zuwa 82. Daga nan sai a fara sassauta awo a hankali. Fara da abincin da kake maimaitawa kullum, kamar karin kumallo, ka daina auna shi tunda idonka ya riga ya haddace. Bayan mako biyu ka saki na rana. Mai da gyaɗa da makamantansu su za a bari a ƙarshe, don su ne ido ya fi kuskure a kansu. Hawan sikeli ya koma sau biyu ko uku a mako, tef sau ɗaya a wata.

Duk ranar da matsakaici ya taɓa saman iyakar ya kwana mako biyu a can, ɗauko sikelin kicin ka auna komai na kwana bakwai ba tare da ka rage komai ba tukuna. Galibi za ka tarar cokalin ne ya girma, ko takun ya ragu. Ka gyara wannan, in bai isa ba ka cire kalori 200 zuwa 300 na mako uku ko huɗu, sannan ka koma adadinka.